Gurbin Yaou a Shafi na Uku

Gidajen da na gina a Sabha, in aka jera su, mutum zai yi tafiyar hantsi bai gama kallo ba. Daga Sukra har Jadid babu unguwar da ba ta da katangata, kuma har yau ban ji an ce guda ta tsage ba. Amma ginin da ya fi tsaya mini a rai ba da bulo na yi shi ba. A kan takarda na yi shi, ni Attahirou da ake kira Usta, wato babban magini, da ban taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba ko na wuni ɗaya.

A shekarar saba'in da bakwai ne, lokacin da fetur ya sa Libiya ta haukace da gini. Mun je gida hutu muna dawowa, mu goma sha biyar a kan kamiyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da fatu. Bayan mun wuce Madama iska ta taso ta shafe sawun motoci, direba ya saki hanya, inji kuma ya mutu. Kwana uku muna zaune muna kallon juna. A rana ta huɗu ni na miƙe na ce zama mutuwa ne, a je a nemi hanya. Mutum ɗaya ya bi ni, Yaou, lebura mai kwaɓa mini siminti. Ƙaninsa Moumouni yana kwance ƙarƙashin mota, ba ya iya tashi, salkarsu ta ruwa tana gefensa da ɗan abin da ya rage. Na ce wa Yaou mai tafiya ya fi na kwance bukatar ruwa, kuma in ba mu kai ba kowa ya mutu. Ya ɗauki salkar. Bayan kwana biyu muka dawo da sojojin kan iyaka. Mutum tara muka fita da rai, kuma ba na jin kunyar cewa ƙafata ce ta fitar da su. Shida an rufe su a can. Moumouni yana cikinsu.

Labari ya riga mu zuwa gida, kuma kowane baki ya ƙara masa gishirinsa. A ƙauyensu Yaou, can gefen Tanout, aka gaya wa tsohuwarsu Ouma cewa 'ya'yanta biyu duk sun tafi. Wani direba ya ce mata ƙarya ne, ya ga babban a Sabha. Wani kuma ya rantse ya ga kabarinsa. Daga nan ta ce ba ta ƙara sauraron bakin kowa, aka yi sadakar mutum biyu. Haka ya faru a gidaje da yawa. Ni ma an ce an yi mini addu'a a Mirriah, ina nan ina cin makaroni.

Shi ya sa dattawan ƙungiyarmu ta 'yan Nijar masu aikin gini suka ce a buga jarida mai shafi huɗu, a raba wa direbobi su kai Agadas da Tanout da Damagaram. Shafin farko labarin abin da ya faru, tsakiya hotunan matattu da na rayayyu, na ƙarshe gaisuwar mutane zuwa gida. Wasiƙa mutum ɗaya ke karanta ta, ya faɗi abin da ya ga dama. Fuska kuwa kowa ya gani da idonsa.

Aka ba Chaïbou aikin. Shi ne ɗan bokonmu, magatakardan sito a sharikar da muke wa aiki, kuma mudir, shugaban kamfanin, yana barinsa ya fito da keken rubutu ranar Juma'a. Mako biyu ya yi yana ƙwanƙwasa. Ya buga rubutu daga wannan bakin takarda zuwa wancan, ya manna hotuna duk inda ya ga fili. Da ya gama ya ce in raka shi wurin Awad, mai ƙaramar maɗaba'a a Jadid, wanda ke buga katin biki da takardun shago. Awad baƙin Bafezzane ne, ɗan asalin yankin Sabha, kakarsa ta bar masa Hausa kaɗan. Ya juya takardun ya ce injinsa yana cizon bakin takarda da haƙora, rubutun da ya kai baki ba zai fito ba, kuma shi bai san inda zai ninke wannan abu ba tare da ya ninke hancin wani ba.

Na karɓa na duba. Rubutun dai a wurina tururuwa ce. Amma hotuna na san su. Ga fuskata nan manne da ta wani mamaci, kafaɗa da kafaɗa.

"Ɗan lakwal, ka kashe ni ke nan."

"Ai na rubuta a ƙasa, Usta. Ga shi, yana raye."

"Wa zai karanta wa uwata? Akuya?"

Awad ya yi dariya har ya dafa inji. Chaïbou bai yi ba. Ya ce in na fi shi sani in karɓa in yi. Na ce na karɓa. Mutumin da ya fitar da harsashin makaranta mai aji goma sha biyu da zare da turaku, takarda ce za ta gagare shi?

Kafin mu fita na sa Awad ya nuna mini filin da zan yi gini a kai. Ya kawo babbar takarda guda, ya ninke ta biyu, ya ce jaridar ke nan gaba ɗaya. Ya tambaya ta ina za ta buɗe, irin ta Larabawa ko irin ta Nasara, domin shi hannunsa ya saba da ta dama. Chaïbou ya ce boko ne, ta Nasara. Muka sa lamba a shafuka tana ninke, sannan muka buɗe. Sai na ga ashe na huɗu da na ɗaya ne ke zaune a fuska guda, na huɗu a hagu, na biyu da na uku kuma a ɗaya fuskar. Ya ba ni kwali fari guda biyu daidai girman takardar, da fensir shuɗi mai haske. Ya ce in ja duk layin da nake so da shi, kyamararsa ba ta ganin wannan shuɗin, baƙi kawai take gani. Ya ƙara da cewa sunan jaridar sai an sa shi da Larabci ma a sama, ba ya son shurɗa, 'yan sandansu, su zo suna tambayarsa abin da ya buga.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, muka shimfiɗa kwalin a kan tsohon ƙyaure a ɗakina na unguwar Tayuri. Na fito da mitata da ƙarfen kusurwa. Faɗin shafi santi, wato santimita, ashirin da ɗaya. Na bar santi ɗaya da rabi a kowane gefe, biyu a sama, biyu a ƙasa, yadda ake barin fili tsakanin gida da titi. Saura goma sha takwas. Na ce ɗaki uku za a yi. Chaïbou yana kiran su kolon, ni dai ɗakuna na sani. Ya yi saurin cewa goma sha takwas a raba uku, shida shida ne. Nan na kama shi. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin ɗaki uku a jere ba bango a tsakani. Kowane sabon magini wannan kuskuren yake yi, ya raba fili ya manta kaurin bango. Ɗaki uku bango biyu ne. Na ba kowane bango mili shida, na cire su tukuna, sannan na raba abin da ya saura. Kowane ɗaki ya tashi santi biyar da mili shida. Ya lissafa a takarda har sau biyu yana neman inda na ɓace, bai samu ba.

Da na gama shafi ɗaya ban sake awo ba. Na fitar da shi a wata takarda, na ɗora a kan sauran, na huda kusurwoyi da allura, na haɗa hudojin da shuɗin fensir. Shafi huɗu suka fito kamar gidajen gwamnati, babu wanda ya fi wani.

Daga nan wahalar Chaïbou ta soma. Ya gwada kekensa a faɗin ɗaki guda, harafi ashirin da biyu kawai ke shiga. Dole ya sake buga komai siriri siriri, kamar sawayen saƙa, mu yanka da almakashi mu manna da gam a cikin layi. Labarin shafin farko ya yi tsawo da layi tara. Ya roƙe ni in matse bango in ba shi wuri. Na ce bango ba ya motsi don kaya sun yi yawa, sai dai a rage kaya ko a kai wani ɗaki. Ya rage gaisuwar da ya jera wa manya, ragowar ya kai shafi na huɗu. Hoton wurin aikinmu kuwa na ba shi ɗaki biyu da bangon tsakaninsu, santi goma sha ɗaya da mili takwas. Awad ya riga ya koya mini dabarar sanin tsawon da zai tashi: a zana girman hoton a takarda, a ja layi daga kusurwa zuwa kishiyarta, a auna sabon faɗin a ƙasa, a hau tsaye har a taɓa layin. Inda ka taɓa, nan ne tsawonsa. Da haka ba a miƙe wa mutum wuya, ba a kumbura masa kumatu.

Tsakiya ni na tsara ta, ban bar wa kowa ba. Matattu shida a shafi na biyu, jeri biyu, da baƙin layi mai kauri kewaye da shafin, da addu'a a ƙasa. Rayayyu tara a shafi na uku, jeri uku, babu baƙi. Kowane hoto faɗinsa da tsawonsa ɗaya, cike da ɗakinsa. A ƙarƙashin kowa sunansa da garinsu da boko, kuma na sa Chaïbou ya ƙara da ajami da hannu, domin a ƙauye liman ne mai karatu. Duk wanda ya buɗe, ko bai san alif ba, zai san wane gefe ne kabari, wane gefe ne kasuwa.

Hotuna suka taru, yawanci irin ƙananan nan na takardar iƙama, ta izinin zama a ƙasar, waɗanda Awad zai ƙara wa girma. Na matattu biyar mun samu a takardunsu. Na rayayyu takwas masu su suka kawo. Na jera su a kan kwali, sai ga rami biyu suna kallona. A tsarin Chaïbou na farko babu wanda zai lura an rasa wani. A nawa kuwa rami kamar giɓin haƙori yake. Ɗaya na Moumouni ne, wanda takardunsa suka ɓace a hamada. Ɗayan na Yaou.

Tun dawowarmu Yaou ya bar gini. Ya koma wata gona a wajen gari yana ban ruwa, ba ya zuwa fadarmu ta hira, ba ya zuwa sallar Juma'a inda muke zuwa. Na aika sau biyu a karɓo hotonsa, aka dawo hannu wofi. Sai na je da kaina da la'asar. Na same shi yana jan tiyo tsakanin kunyoyin albasa, ya rame har wandonsa ya ɗaure da igiya. Na yi masa bayanin komai, har da baƙin layin, ina tsammanin zai yaba. Ya saurara yana kallon ruwa. Sannan ya ce kada a sa shi. Ya ce tsohuwa ta riga ta yi kukanta ta share hawaye, a bar ta haka.

Na ce masa uwa ba ta share hawayen ɗa, kuma ni ban gina ɗaki tara don mutum takwas ba.

"Usta, ranar da na fita da shi daga gida ta riƙe hannuna ta ce amana. In ta ga fuskata a takarda, kira za ta yi. In na je, tambaya ɗaya za ta yi mini, ina nake lokacin da ya cika. Me zan ce?"

"Ka ce kana neman ceto. Da ba mu tafi ba da duk an mutu."

"Da salkarsa."

Na ce ni na ce ya ɗauka, kuma ko gobe aka maimaita haka zan ce. Ya ce ya sani, amma hannun da ya ɗauka nasa ne. Ya juya ya ci gaba da jan tiyo. Ni da manyan injiniyoyi ke tsayawa su ji ta bakina, na tsaya a cikin laka ina magana da bayan lebura.

Washegari na je neman hoton Moumouni wurin matarsa Asmaou, wadda ya bari a Tayuri da za mu tafi hutu. Tana cikin takaba, don haka daga bayan labule muka yi magana. Ta miƙo hoto guda naɗe a ɗankwali, ta ce shi kaɗai gare ta, in an yanka shi ba ta yafe ba. Na buɗe. Hoton sallar da ta wuce ne, a gidan mai hoto. Moumouni a hagu, Yaou a dama, sun sha shadda iri ɗaya, Yaou ya ɗora hannu a kafaɗar ƙaninsa.

Na gaya mata abin da Yaou ya ce. Can ta ce da ta gama takaba gidan Ouma za ta koma, kuma tsohuwar za ta tambaye ta.

"Baba Usta, ni zan zauna da ita ina kallon idonta. In ce mata ban ga Yaou ba? Shi ya ɓuya a gona, ni in ɗauki ƙaryarsa a kaina har Tanout?"

Na sa hoton a aljihun ƙirji na tafi.

Chaïbou ya kawo shawara biyu, kowace ta fi 'yar'uwarta muni. Ta farko a rage hoton gaba ɗaya a sa shi a ɗakin Moumouni, a rubuta a ƙasa cewa na dama yana raye. Na ce wannan shi ne sa Yaou cikin baƙin layi da hannunmu, mu buga wa ƙarya hatimi. Ta biyu a mai da rayayyu takwas, a cike ɗakin ƙarshe da rubutu, a bar mutum da abin da ya zaɓa. Ya ce rai nasa ne, fuska tasa ce, kuma ya ce a'a a gabana. Wannan ta fi wuyar turewa, domin akwai gaskiya a ciki. Amma na ce masa shafin farko ya ce mutum tara suka tsira, ko tsohuwar da ba ta karatu tana iya ƙirga kai, kuma in ta nemi babban ɗanta a gefen rayayyu ba ta gan shi ba, mun ba ta amsa ke nan. Mun yi ta ja har ya ce in dai an sa Yaou, shi ba da hannunsa ba. Na ce hannuna ya isa.

Na kai wa Awad hoton na ce ba a yanka shi. Ya ce ba a taɓa yanka na asali. Ya ɗora siririyar takarda a kai ya ce in zana inda nake so, zai ɗauka da kyamara ya fito mini da wani mai ɗige-ɗige daidai girman ɗaki, shi za a yanka. Na zana gida biyu, ɗaya a kan Moumouni, ɗaya a kan Yaou. Ya dube ni ya ce wannan na biyun ya yarda? Na ce ya yi aikinsa.

Da hotunan suka fito na sake jeri. Na kai Moumouni ɗakin da ke kusa da ninki a shafi na biyu, jerin sama. Na kai Yaou ɗakin da ke kusa da ninki a shafi na uku, shi ma jerin sama. Tunda shafukan biyu a fuska ɗaya suke kuma da awo ɗaya na fitar da su, kawunansu suka zo daidai, ko mili bai goce ba. Suna tsaye yadda suka tsaya a gidan mai hoto, sai dai yanzu akwai farin fili na santi uku a tsakaninsu, da baƙin layi. Abu ɗaya ya ƙi gyaruwa. Yatsun Yaou suna nan a kafaɗar Moumouni, a gefen matattu. In na matso da yanka don in cire su, sai in ci kunnen Moumouni. Awad ya ce zai iya shafe su da farin fenti. Na ɗauki burushin da kaina, na riƙe, na ajiye. Na ce a bar su.

Sunan Yaou ma Chaïbou ya ƙi bugawa. Da na ce to zan je in nemo malami ya rubuta da tawada ko da karkatacce ne, sai ya ja keken ya buga, don ba ya son a ɓata masa shafi. Bai yi mini magana ba har muka kai wa Awad kwalayen a Jadid.

Ranar da aka buga, mutanenmu suka cika ƙofar Awad tun hantsi, suna ninkewa suna ɗaurewa dami dami, kowane dami da garin da za shi. Kowa ya buɗe sai ya ce kai, wannan kamar jaridar Yamai. Wani tsoho mai gadi da bai san ko sunansa a rubuce ba ya ɗora yatsa ya lissafa matattu shida da rayayyu tara bai yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da na gina ke nan, kuma ya tsaya.

Ban san wa ya kai wa Yaou labari ba. Na dai ɗaga kai na gan shi a bakin ƙofa, ƙafafunsa da busasshiyar laka. Mutane suka buɗa masa. Ya ɗauki guda ya buɗe tsakiya, ya daɗe yana kallo. Na shirya wa zagi, har na shirya wa mari, na ma tanadi abin da zan ce. Bai ɗaga murya ba.

"Na ce maka a'a, Usta."

"Ka ce."

"A can ma kai ka yanke. Nan ma kai."

Na ce wani dole ya yanke, kuma ba a bar uwa tana sadakar ɗan da ke cin tuwo ba. Ya tambayi Chaïbou yaushe motar da za ta ɗauki damin Tanout za ta tashi. Chaïbou ya ce jibi. Ya ninke takardar hannunsa huɗu, ya sa a aljihu, ya fita.

Jibin na je tasha don in ga an loda dammunan da kyau, kada a jefa su ƙarƙashin jarkokin mai. Yaou yana can saman kaya da ƙullin tufafinsa, damin Tanout a kan cinyarsa. Wani ya ce mini Yaou da kansa ya karɓa daga hannun direba, ya ce in dai takardar za ta shiga gidansu, ba za ta riga shi shiga ba. Wannan hanyar da ni kaina na yi shekara huɗu ban sake yarda na bi ba, shi ya hau ta wata uku bayan ta ci ƙaninsa. Na matsa gindin motar na ɗaga hannu na ce Allah ya kiyaye hanya, ya gai da tsohuwa. Ya kalli gaba. Na miƙa masa jarkar ruwa da na zo da ita. Na kusa da shi ne ya karɓa.

Jaridar ta yi aikinta. Gidaje uku da aka yi wa rayayyu sadaka suka aiko da godiya, kuma aka riƙa kawo mini takardu in fitar musu da ɗakuna, har na masallaci. Na Yaou kuwa abin da na sani kaɗan ne. Bayan wata biyu direban ya dawo, na tare shi. Ya ce ya sauke shi a mararrabar ƙauyensu da azahar. Ya ce ya tsaya ƙara wa inji ruwa, ya sha shayi, ya yi salla, kuma har ya tada mota Yaou yana nan tsaye a bakin hanya da damin a hannu, bai shiga ba, bai kuma ce a wuce da shi ba.

Asmaou ce ta aiko da sauran, bayan ta koma, ta bakin wani mai zuwa. Ta ce Yaou ya shiga gida. Ta ce Ouma ta san yanzu ɗa ɗaya ta rasa, kuma ta ajiye takardar a cikin kwallarta. Na tambayi ɗan saƙon ko tsohuwar ta yi wa Yaou tambayar nan, da abin da ya ce mata. Ya ce wannan ba a ba shi ba. Na tambaya ko Yaou ya ce a gaishe ni. Ya ce shi ma ba a ba shi ba.